Sayen dogon kol a madadin hannun jari 100: ina ribar take, ina ramin yake?

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka, kuma ina da kusan dala 10,000 a asusun dillalina. Na ji ana cewa ba sai mutum ya sayi hannun jari 100 ba kafin ya riƙa sayar da kol yana karɓar kuɗi duk wata, wai sai ya sayi kol mai dogon wa'adi wanda sitiraik ɗinsa ke can ƙasa da farashi, ya jingina da shi. Suna kiransa PMCC, wato Poor Man's Covered Call, hanyar sayar da kol ta mai ƙaramin jari. Idan da dala 3,000 zan yi abin da mai dala 10,000 yake yi, me zai hana in buɗe guda uku?

Amsa: Ɗan uwa, dabarar tana aiki, kuma na daɗe ina amfani da ita. Guda ukun nan ne ba zan goyi bayanka a kai ba, kuma lissafi ne zai nuna maka dalili, don haka ka yi haƙuri mu bi shi daki-daki.

A kasuwar ofshin ta Amurka, kwantiragi ɗaya yana wakiltar hannun jari 100. Wanda ya sayi kol ya sayi damar karɓar hannayen nan 100 a kan wani farashi da aka tsayar, wato sitiraik, daga yau har ranar da wa'adi zai cika. Wanda ya sayar da kol ya karɓi kuɗi a hannu, ya kuma ɗauki alkawarin miƙa hannayen a kan wannan farashi duk lokacin da aka nema. Ya yi kama da kafin alƙalami da ake bayarwa a riƙe wa mutum fili, sai dai a nan kuɗin ba ya dawowa kuma ba a cire shi daga farashin kaya. Mai hannun jari 100 idan ya sayar da kol ba ya jin tsoro, domin ko an zo karɓa kayan suna hannunsa. A PMCC kai ba ka da kayan. Abin da kake da shi takarda ce mai ba ka ikon karɓar kayan a farashi mai sauƙi, ita ce kake nuna wa dillali a matsayin jingina. Irin waɗannan kol masu wa'adin fiye da shekara su ne za ka ga an rubuta musu LEAPS a allo, kasuwar CBOE ta Chicago ce ta fito da su a 1990, kuma yawancinsu a watan Janairu wa'adinsu ke cika. A manhajar dillali za ka tarar da haɗin gaba ɗaya a ƙarƙashin Diagonal, kuma sai kana da asusun majin, wato asusun da dillali ke iya ba ka rance a cikinsa, da izinin haɗa ofshin biyu kafin a bar ka ka buɗe shi.

Bari mu ɗauki misali. Lambobin nawa ne na ƙirƙiro don koyarwa, amma na zaɓe su kusa da abin da ake gani a babban kamfani mai matsakaicin motsi. Hannun jari ɗaya yana dala 100, ke nan guda 100 dala 10,000 ne. Kai kuma ka sayi kol mai sitiraik 75 wanda ya rage masa wata 15, a kan dala 30, wato ka biya dala 3,000. Wannan shi zan riƙa kira dogon kol. Sannan ka sayar da kol mai sitiraik 106 wanda ya rage masa kwana 40, ka karɓi dala 1.50, wato dala 150. Shi ne gajeren kol. Abin da ya fita daga aljihunka gaba ɗaya dala 2,850 ne, ko 28.50 a kan kowane hannu.

Dala 30 ɗin nan da ka biya kashi biyu ce, kuma wanda bai raba su ba bai san abin da ya saya ba. Dala 25 ƙimar ciki ce, wato tazarar da ke tsakanin 100 da 75. Wannan tana nan daram muddin farashi bai motsa ba. Ragowar dala 5 kuɗin lokaci ne, shi kuwa narkewa yake yi kamar ƙanƙara, ranar da wa'adi ya cika babu ko sisi. Ke nan dala 500 kake biya na hayar matsayin mai hannun jari tsawon wata 15, kusan dala 33 a wata. Don haka idan ka karɓi 150 a gajeren kol, kada ka ƙirga ta duka riba. Cire haya tukuna. Ka kuma tuna cewa idan kamfani ya raba riba, masu hannun jari ake ba wa, mai riƙe da kol ba ya samun komai.

Dalilin da ya sa ake nitsawa can ƙasa wajen zaɓen sitiraik shi ne delta. Delta tana nuna nawa kol zai motsa idan hannun jari ya motsa da dala ɗaya. Dogon kol ɗinmu deltarsa kusan 0.85 ce, wato idan farashi ya hau da dala ɗaya shi zai hau da santi 85. Shi ya sa yake iya tsayawa a madadin hannun jari. Ni ba na sayen wanda deltarsa ta gaza 0.80. Gajeren kuma ana neman mai delta wajen 0.30 ko ƙasa da haka, mai kwana 30 zuwa 45, domin a wannan zangon ne kuɗin lokaci ke narkewa da sauri, kuma narkewar gajeren kai take yi wa aiki.

Akwai gwaji ɗaya da ba na tsallakewa kafin in danna komai:

```
sitiraik na dogo + abin da ka biya duka < sitiraik na gajere
75 + 28.50 = 103.50 < 106
```

Ma'anarsa ita ce, idan farashi ya yi tashin gwauron zabi, mafi ƙarancin abin da haɗin nan zai kai shi ne tazarar da ke tsakanin sitiraik biyu, 106 a cire 75, wato 31. Ka biya 28.50, don haka ko an tilasta maka rufewa a can sama kana da ribar 2.50, dala 250. Yanzu ka dubi wanda ya ga 3,000 ta yi masa yawa, ya sayi sitiraik 90 a kan dala 19. Ya ji daɗi ya rage kashe kuɗi, amma dala 9 daga cikin 19 kuɗin lokaci ne. Ya sayar da gajeren nan na 106, abin da ya biya ya zama 17.50, tazararsa kuwa 16 ce kawai. Idan farashi ya yi mummunan tashi har kuɗin lokacin dogon ya ƙare, hasashensa ya yi daidai amma yana cikin asarar dala 150. Na sha ganin mutane suna mamakin yadda kamfaninsu ya hau su kuma suka faɗi, kuma kusan kullum idan aka duba a nan matsalar take.

To, kwana 40 sun cika. Idan farashi ya tsaya a 103, gajeren ya mutu ba tare da ka biya komai ba, 150 ta zama taka. Dogon ya hau zuwa wajen 32.20, ribar 220 ke nan a takarda. Jimla 370 a kan jarin da bai kai 3,000 ba, alhali mai hannun jari 100 da ya sayar da kol iri ɗaya ya samu 450 a kan 10,000. Wannan shi ne hoton da ake nuna wa mutane, kuma gaskiya ne.

Idan kuma farashi ya haura zuwa 120, gajeren ya zama bashin dala 14 a kanka, dogon ya kai wajen 47, domin ƙimar cikinsa 45 ce kuma akwai sauran kuɗin lokaci kamar dala 2. Ka sayi gajeren ka rufe, ka sayar da dogon, hannunka ya tashi da 33, ribar dala 450. A nan ka kiyaye abu ɗaya. Kada ka yi amfani da dogon wajen karɓar hannun jari a 75 don ka miƙa su a 106. Duk ranar da ka yi haka ka yafe kuɗin lokacin da ya rage a cikinsa, a misalinmu dala 200 ka zubar a banza. Sayar da shi ake yi a kasuwa.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka natsu. Farashi ya faɗi zuwa 80, wato kashi 20 cikin ɗari, abin da rahoton kuɗin shiga guda ɗaya mara daɗi zai iya jawowa cikin dare. Dogon da ka saya 30 ya koma wajen 15. Ka yi asarar 1,500, ka cire 150 da ka karɓa, saura 1,350. Mai hannun jari ya yi asarar 1,850. Idan dala ake ƙirgawa ka fi shi sauƙi, kuma wannan alheri ne na gaske a dabarar: ko kamfanin ya rushe ƙurmus, ba za ka rasa fiye da 2,850 ba. Amma shi kashi 19 cikin ɗari na jarinsa ya tafi, kai kuwa kashi 47. Idan guda ɗaya ka buɗe, sauran dala 7,000 na ajiye, jikinka da sauƙi. Idan uku ka buɗe, asararka 4,050 ce, fiye da ninki biyu na abin da mai hannun jari ya rasa, a kan faɗuwa iri ɗaya da jari iri ɗaya. Kwantiragi uku hannun jari 300 ne, kayan dala 30,000, kai kuma 10,000 gare ka. Arhar kuɗin shiga ba ta rage girman kayan da ka ɗauka ba. Shi ya sa nake ce wa duk wanda ya tambaye ni ya ƙirga da hannun jari: idan ba za ka iya kwana da hannu 300 na wannan kamfani ba, kada ka buɗe uku.

Asarar farko ma ba ita ce ta fi cin mutane ba, abin da suke yi bayanta ne. Farashi yana 80, lissafinka yana cewa kada ka sayar da gajere ƙasa da 103.50. Ka duba sitiraik 104 na kwana 40, sai ka ga 'yan santi ne a kansa, ko kuɗin dillali da kyar zai biya. Sai zuciya ta ce maka ka sauko 85, ga dala 1.80 nan. Ka sayar, abin da ka biya duka ya sauka zuwa 26.70. Amma tazarar sitiraik ɗinka yanzu 10 ce kacal, ka karya gwajin nan da kanka. Idan farashi ya farfaɗo ya koma 100 cikin kwana 40 ɗin, dogon ya dawo wajen 29, gajeren kuma ya zama bashin 15. Hannunka 14 ne a kan abin da ka biya 26.70. Kamfanin ya dawo daidai inda ka same shi, kai kana cikin asarar dala 1,270. Wannan ya taɓa faruwa da ni a shekarun farko, kuma ya yi mini ciwo fiye da faɗuwar kanta, domin da na zauna ban taɓa komai ba da na fita kusan lafiya. Tun daga nan, idan farashi ya faɗi sosai, abu biyu nake zaɓa a tsakani: ko in haƙura da sayar da gajere na wata ɗaya ko biyu, ko in rufe dogon in karɓi asarar. Idan har na sayar ƙasa da layina, to mai delta ƙarama ƙwarai nake ɗauka, kuma da niyyar saye in rufe da zarar farashi ya doshe shi.

Mai hannun jari shi ma yana iya faɗawa wannan ramin, amma yana da abin da kai ba ka da shi, wato lokaci mara iyaka. Dubi abin da ya faru da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook. A ranar 3 ga Fabrairu 2022 hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 26 cikin ɗari a yini ɗaya, daga sama da dala 320. Bai tsaya nan ba, zuwa Nuwamba ya sauka ƙasa da dala 100. Wanda ya sayi kol mai sitiraik 250 mai cika a Janairu 2023, a lokacin da ya saya yana can cikin kuɗi sosai, wato sitiraik ɗinsa na can ƙasa da farashi, kuma yana ganin ya yi taka-tsantsan. Ranar da wa'adi ya cika farashi bai kai 150 ba, takardarsa ta mutu, ko santi bai samu ba. A watan Yuli na 2023 hannun jarin ya sake haura 300. Wanda ya riƙe hannun jari ya daure, kuɗinsa ya dawo. Mai dogon kol an riga an rufe littafinsa wata shida kafin nan. Saboda haka nake ganin dabarar ta fi dacewa da asusun da ya tattara kamfanoni da yawa, irin SPY, ko kamfani babba mai natsuwa, fiye da kamfanin da ake rububinsa saboda gajeren kol ɗinsa na da tsoka. Tsokar nan kasuwa ce ke gaya maka tana tsammanin girgiza.

Sai batun a zo karɓar kaya kafin lokaci. Ofshin na hannun jarin kamfanonin Amurka ana iya amfani da shi kowace ranar kasuwa, ba sai wa'adi ya cika ba. Galibi ba a yi, domin wanda ya yi ya yafe kuɗin lokacinsa. Inda ake yi shi ne jajibirin ranar yanke rabon riba, wadda za ka gani a allo da sunan Ex-Dividend Date. A ce kamfaninmu zai raba santi 40 a kan kowane hannu, farashi yana 112, gajerenka na 106 ana sayar da shi 6.15. Kuɗin lokacinsa santi 15 ne kawai, bai kai santi 40 ba. Duk mai hankalin da ke riƙe da wannan kol zai karɓi hannun jari yau don ya ci rabon gobe. Alamar ke nan, kuma a fili take: gajeren yana cikin kuɗi, ranar yanke rabo ta matso, kuɗin lokacinsa ya gaza rabon. Idan ka ga haka ka saye shi ka rufe kafin a tashi kasuwa, ko ka mirgina shi, wato ka rufe shi ka sayar da na wata na gaba. A SPY ranar yanke rabo takan faɗo Juma'a ta uku ta Maris, Yuni, Satumba da Disamba, ranar da ofshin na wata ke cika, don haka Alhamis ɗin da ke gabanta ce ranar dubawa.

Idan ka yi sakaci aka karɓa, da safe za ka ga -100 a gaban sunan kamfanin, an zuba maka dala 10,600, kuma dala 40 ta rabon riba kai za ka biya. Mai yiwuwa dillali ya turo saƙon neman ƙarin kuɗi. Kada ka firgita, dogon kol ɗinka yana nan yana kare ka. Ka sayi hannu 100 a kasuwa ka mayar, a 112 dala 11,200 ke nan, giɓin 600 kuma ribar da dogon ya tara ta rufe shi. Idan kuɗin asusun bai isa ba, ka sayar da dogon ka sayi hannayen a lokaci guda. A nan ma ajiyar dala 7,000 ɗin nan ce ke ba ka sararin yin abin a natse, mai guda uku kuwa dillali ne zai rufe masa a farashin da ya samu. Haka kuma ranar cikar wa'adi, duk kol da ya shiga cikin kuɗi ko da santi ɗaya ne, hukumar OCC mai daidaita cinikin ofshin tana zartar da shi kai tsaye. Idan farashi yana yawo kusa da sitiraik ɗinka ranar Juma'a, ka biya 'yan santi ka rufe, kada ka bar shi ya kwana.

Wajen shiga kuma, dogayen kol masu nisa ba su da yawan masu ciniki, don haka tazarar Bid da Ask, wato farashin da masu saye ke tayawa da wanda masu sayarwa ke nema, takan yi faɗi. Za ka iya ganin 29.40 da 30.60. Idan ka sa odar Market an sayar maka a 30.60, ka yi asarar dala 60 daga tsakiya tun kafin a fara, kuma irinta na jiranka ranar fita. Ka sa Limit a tsakiya, ka riƙa ƙara santi biyar kana jira. Idan tazarar ta kai kuɗin gajeren kol na wata guda, ka bar wannan kamfanin. Dogon kuma ba a riƙe shi har ƙarshe. Idan ya rage masa kamar wata shida nakan sayar in sayi na shekara mai zuwa, domin daga nan narkewar kuɗin lokacinsa ke ƙara sauri, kuma faɗuwa ɗaya ba za ta bar masa lokacin farfaɗowa ba.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba tunda na san da yawa daga cikinmu suna dubawa kafin su sa kuɗi. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa kwantiragin ofshin yadda ake cinikinsa a kasuwannin kuɗi bai halatta ba, domin abin da ake saye da sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfanin wani abu ba. A PMCC ƙafa biyun duka ofshin ne, babu hannun jari ko ɗaya a hannunka, kuma ana yin sa ne a asusun majin. Idan wannan ya shafe ka, ka kai wa malamin da ka yarda da shi bayanin yadda yake tun kafin ka buɗe.

Idan ka yanke shawarar shiga, da dala 10,000 guda ɗaya zan buɗe. Ragowar 7,000 in ajiye ta inda zan iya ɗauko ta cikin kwana ɗaya ko biyu, kamar takardun baitulmalin Amurka na wata uku, ruwan da suke bayarwa yana rage nauyin hayar dala 33 ɗin nan. Kafin ka danna Buy to Open, ka rubuta lambobi uku a takarda: layin da ba za ka sayar da gajere ƙasa da shi ba, a misalinmu 103.50, wanda zai riƙa sauka duk lokacin da ka karɓi sabon kuɗi. Farashin dogon da idan ya sauka gare shi za ka rufe ba gardama, ni nakan sa rabin abin da na biya. Da ranakun rahoton kuɗin shiga da na yanke rabon riba da suka faɗo cikin kwana 40 masu zuwa. Ka yi zagaye uku ko huɗu da guda ɗayan nan, har ka ga wata ɗaya da farashi ya juya maka baya, sannan ka dawo mu duba lambobinka tare.